Rubdugun tauraro ɗaya: me ake yi in jama'a sun yi wa kasuwancinka ca a Google?

Tambayar da mutane ke ta yi tun da rigimar kiliyan da masu shaguna ta koma cikin waya ita ce, wai in taron jama'a suka fusata da kai suka je kan Google Maps ɗaya bayan ɗaya suna danna ma tauraro ɗaya, alhali yawancinsu ko ƙofar shagonka ba su sani ba, me za ka yi? Wasu na cewa ka share kawai, ai a Maradi ba wanda ke duba taurari kafin ya ci tuwo. Wasu kuma na cewa kai ma ka tara naka mutanen su je su danna biyar biyar a yi kunnen doki. Duka biyun na ji su da kunnena lokacin da abin ya faɗa wa gidan abincin kawuna, kuma duka biyun kuskure ne, shi ya sa nake so in warware maganar dalla-dalla da lissafinta.

## Mene ne shi wannan rubdugun?

A Google Maps duk wani wuri da aka yi wa rajista, otal ne, kilinik ne, gareji ne, lakwal ce mai zaman kanta, kowa da ke da kont na Google zai iya ba shi tauraro daga 1 zuwa 5, in ya ga dama ya ƙara da rubutu. Ba a tambayarsa resi, ba a tambayarsa shaidar ya taɓa zuwa. An gina abin ne bisa amanar cewa wanda ya je ya gani shi zai yi magana. Sai Google ya tara taurarin ya raba da yawan mutanen ya fitar da lamba guda, 4,5 ko 3,2, ita ce ke fitowa a gefen sunanka.

Rubdugu shi ne lokacin da wata rigima ta tashi, sai mutane da yawa cikin ɗan lokaci kaɗan suka zo suna zuba tauraro ɗaya don su hukunta mai wurin, ba don sun sayi wani abu bai yi musu daɗi ba. Sunan da Turawa suka laƙa masa ma yana nufin ruwan bam na sharhi. A nan ne mutane ke cakuɗa abu biyu. Kiliyan ɗin da ya ci abincinka ya ji gishiri ya yi yawa ya ba ka tauraro ɗaya, wannan ba rubdugu ba ne, haƙƙinsa ne, ko da ka ji zafi. Wanda yake Kano ko Yamai ya ga bidiyon daƙiƙa 40 a TikTok ya zo ya rubuta "abincinsu ruɓaɓɓe ne" bai taɓa ɗanɗanawa ba, shi ne ɗan rubdugu. Duk aikin da ke gabanka ya rataya ne a kan raba waɗannan biyun.

Masu cewa a share kuma suna da ɗan gaskiya, ɗan Bagalam ko Mokoyo da ya san wurinka shekara goma ba zai fasa zuwa ba saboda lamba. Amma ba shi kaɗai ne kasuwarka ba. Baƙon da ya sauka daga bas ɗin Yamai ko Damagaram da daddare, ɗan kasuwar da ya shigo ta Dan Issa daga Katsina, ma'aikatan puroje da aka turo taron kwana uku, ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da bai san gari ba tukuna, waɗannan waya suke buɗewa su rubuta abin da suke nema. Kuma su ne masu yin kumanda mai kauri.

## Yadda abin ya faru da kawu

Ranar wata Juma'a da yamma wani matashi ya yi kumandar kaji da soyayyen dankali na jika shida a kai masa gida. Ranar an yi cunkoso, mai kabu-kabun da ke kai saƙo ya makara fiye da awa ɗaya da rabi, abinci ya isa a sanyaye. Matashin ya taso da kansa ya dawo da ledar yana so a maida masa kuɗinsa, yaron da ke kan kes kuwa maimakon ya ba shi haƙuri ko ya kira kawu sai ya ɗaga murya ya ce ba a maida kuɗi, in bai so ya zubar. Shi kuwa ashe wayarsa na ɗauka. Kafin isha'i bidiyo ya hau TikTok, zuwa safiyar Asabar wani ya kwafo linkin wurin daga Google Maps ya jefa a gurup-gurup na WhatsApp yana cewa a je a nuna musu talaka ma yana da gata.

Ranar Lahadi kawu ya kira ni, muryarsa ta sauya, ya ce "ɗana zo ka duba min wayar nan, wai an ce an kashe min shago a intanet". Da na buɗa na tarar da sababbin tauraro ɗaya guda 60 cikin kwana biyu.

In faɗi gaskiya, matashin nan an ɓata masa, kuma na gaya wa kawu haka tun ranar. Yawancin rubdugu haka yake somawa, da wani laifi na gaske ƙarami ko babba, sai taro ya ɗora masa abin da ya ninka shi sau hamsin.

## Lissafin da ya kamata kowane mai shago ya sani

Kafin rigimar kawu yana da sharhi 40 da ya tara cikin kusan shekara uku, lambarsa 4,5. Ma'ana jimillar taurarinsa 180. Da aka zuba masa 60 na tauraro ɗaya jimilla ta koma 240, mutane sun koma 100, raba ka gani, 2,4. Aikin shekara uku ya rushe tsakanin Juma'a da Lahadi.

Dalilin da ya sa ya faɗi warwas haka shi ne ƙarancin sharhin da yake da shi tun farko. Babban otal mai sharhi 1000 da lamba 4,5, in aka zuba masa wannan 60 ɗin zai sauko ne zuwa 4,3 kawai, da wuya ma wani ya lura. Ke nan rubdugu ƙananan 'yan kasuwa ya fi kashewa, irin namu na nan da yawanci ba su wuce sharhi goma ko talatin ba.

Yanzu ga inda shawarar tara dangi ke karyewa. Tauraro ɗaya guda ɗaya, sai an kawo biyar guda uku kafin su huɗun su tashi a 4,0. In 4,5 kake nema sai an kawo bakwai. Don kawu ya tashi daga 2,4 ya koma 4,0 ta hanyar ƙarin sharhi kaɗai yana bukatar mutum 160 kowa ya ba shi biyar cif, don ya koma 4,5 ɗinsa kuwa 420. Ina zai samo su? Amma in aka cire 45 daga cikin 60 ɗin nan, jimilla ta koma 195 a kan mutum 55, lamba ta hau 3,5 nan take, kuma daga nan mutum 25 kacal ake bukata a kai 4,0. A hanyar kai wa 4,0, cire na ƙarya guda ɗaya daidai yake da ƙara na yabo uku, don haka ƙarfinka a can ya kamata ka zuba shi.

## Daren farko: riƙe hannunka, tara shaida

Abin da kawu ya so yi a daren Lahadin nan shi ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ramawa, har ya soma faɗa min abin da zan rubuta, akwai Allah ya isa a ciki akwai maganar iyaye. Na ce kawu don Allah ka yi haƙuri a kwana tukuna. Amsar da mai wuri ya rubuta kowa na ganinta, kuma Google na sanar da wanda aka ba amsar, shi kuma kaftir zai yi ya kai gurup ya ce ku ga abin da ya ce, gobe 60 su zama 150. Wutar rubdugu da martani take ci, in ba a ƙara mata kara ba yawanci kwanaki kaɗan take yi taron ya koma kan wani sabon zance.

Abin da muka yi a daren shi ne tara shaida. Ka jera sharhin daga sabo zuwa tsoho, a wayar da ke kan Faransanci `Les plus récents` ne, ta Ingilishi `Newest`. Ka ɗauki hoton kowanne da sunan mai shi a jiki. Wannan na da muhimmanci don Google ba ya nuna takamaiman rana, "kwana 2 da suka wuce" yake rubutawa, bayan wata guda kuma duk su koma "wata 1 da ya wuce", shaidar cewa a dare biyu suka zubo ta dushe ke nan. In kana samun saƙon imel duk lokacin da aka yi sabon sharhi kar ka goge su, suna ɗauke da rana da lokaci. Sai ka adana shi kansa bidiyon, da saƙon da aka yi kiran a je a danna, wannan saƙon shi ne shaida mafi ƙarfi da za ka samu domin shi ke nuna shiri aka yi. Mu wata ƙanwar matar kawu ce da ke cikin ɗaya daga gurup ɗin ta turo mana.

Akwai wani abu da ya kamata a ce an yi shi tun kafin rana ta ɓaci. Wurare da yawa a Maradi suna kan Google Maps amma ba masu su suka sa su ba, wani kiliyan ne ya ƙara. In ba ka karɓi ragamar shafin ba, wato `Google Business Profile`, wanda a Faransanci ake gani `Fiche d'établissement`, ba za ka iya amsawa da sunan wurin ba kuma ba ka da hanyar ɗaukaka ƙara. Karɓar kyauta ce, sai dai tantancewar na iya cin kwanaki, wani lokaci su ce ka ɗauki bidiyon allon shagon da cikinsa. Mu mun ci sa'a na yi wa kawu wannan tun bara waccan.

## Tankaɗe da rairaya

Washegari muka zauna da littafin kumanda da yaran shago biyu, muka bi 60 ɗin nan. In ka taɓa sunan mai sharhi yana kai ka shafinsa ka ga sauran wuraren da ya taɓa yi wa sharhi, sai fa in ya ɓoye. Nan abubuwa suke fitowa fili. Wani duk rayuwar kont ɗinsa sharhi ɗaya ya taɓa yi, shi ne namu. Wani duk wuraren da ya yi wa sharhi a wata ƙasa suke. Wasu mutum takwas kalma ɗaya suka kwafa har da kuskuren rubutun. Wasu sun ambaci abin da ba ma sayarwa sam, akwai wanda ya ce piza ɗinmu ba daɗi, kawu bai taɓa gasa piza ba.

A ƙarshe kashi uku muka samu. Mutum 20 sun rubuta zagi ko sun fito fili sun ce "na ga bidiyon abin da kuka yi", 35 tauraro ɗaya kawai suka danna ba rubutu ko kalma guda, sai 5 da muka tabbatar kiliyan ne na gaske. Ɗaya shi ne matashin, huɗu kuma mutane ne da suka taɓa cin abinci a wurin suna da ƙorafinsu a ciki tuntuni, rigimar ce ta ba su ƙofa. Ɗaya ta rubuta cewa ta taɓa jira minti 50 ranar sallah, yaran suka ce tabbas an yi haka.

Waɗannan biyar ɗin ba mu kai ƙararsu ba, kuma ina ba kowa shawara kar ya kai irinsu. Google ya faɗa a ƙa'idarsa cewa ba ya cire sharhi don kawai mai wuri bai ji daɗinsa ba, kuma ba ya shiga tsakanin ɗan kasuwa da kiliyan a kan wa ke da gaskiya. Abin da yake cirewa shi ne wanda ya karya ƙa'ida, kamar sharhin wanda bai taɓa hulɗa da wurin ba, da maganar da ba ta shafi wurin ba, da zagi da cin zarafi, da fallasa lambar waya ko gidan wani, da sharhin abokin gasa ko tsohon ma'aikaci mai jin haushi. In ka haɗa na gaskiya da na ƙarya ka tura gaba ɗaya ka raunana maganarka da kanka.

## Kai ƙara wurin Google

Mai wuri ba ya iya goge sharhi da hannunsa, kuma a Google ba ya iya rufe ƙofar sharhin. Ko ka cire shafin daga kont ɗinka wurin na nan a kan taswira da taurarinsa. Mutum biyu ne kawai ke iya cirewa, wanda ya rubuta da kuma Google. Wani lokaci na'urorin Google da kansu suna gane baƙon cunkoso su share wasu ko su dakatar da sabon sharhi na ɗan lokaci, amma ƙaramin wuri irin namu kar ya zauna jiran wannan.

A gefen kowane sharhi akwai ɗigo uku, ka taɓa ka zaɓi `Signaler l'avis` ko `Report review`, sai a ba ka jerin dalilai. Ɗaya bayan ɗaya ake yi, kuma ka zaɓi dalilin da ya dace da wannan sharhin takamaimai, mai zagi a kai shi a kan zagi, mai maganar bidiyo a kai shi a kan cewa bai taɓa zuwa ba. Mun kwashe kusan awa biyu kan 55 ɗin, rezo na yankewa muna komawa. Daga nan sai jira, yana ɗaukar kwanaki. Akwai shafin da ake bin sawun ƙarar, in ka rubuta `Reviews Management Tool` a Google zai fito, ka shiga da kont ɗin da ke riƙe da wurin ka ga wanne aka cire, wanne ake kan dubawa, wanne aka ce ba a ga laifinsa ba.

Mu cikin kwana goma aka cire 28. Kusan duk masu zagin da masu ambaton bidiyo sun tafi, don sun tona kansu da bakinsu. Masu wuyar su ne shiru-shirun nan, tauraro ɗaya ba rubutu, domin ba abin da mai dubawa zai kama. A nan ɗaukaka ƙara ke shigowa, kuma sau ɗaya tak ake ba ka ga kowane sharhi, ana iya haɗa har goma a tura tare. Tunda sau ɗaya ne kar ka yi gaggawa. Abin da muka rubuta gajere ne, ba kuka ba rantsuwa: cikin shekara uku wurin ya samu sharhi 40, daga ranar kaza zuwa ranar kaza ya samu 60, ga linkin bidiyon da ya jawo, muna da hoton saƙon da aka yi kiran a zo a danna, waɗannan sunayen ba sa cikin littafin kumandarmu kuma wannan ne sharhinsu na farko. Muka tura 27 ɗin kashi uku, aka ƙara cire 17. Goma suka rage kuma har yau suna nan.

A Facebook lamarin ya ɗan bambanta. Tun 2018 suka bar tsarin danna taurari suka koma tambayar kana ba da shawarar wurin ko a'a, kuma mai shafi na iya kashe sashen sharhin gaba ɗaya daga saituna. Yana da amfani a kwanakin da wuta ke ci, sai dai ka sani yana ɓoye har da yabon da ka tara, don haka in ƙura ta lafa ka maida shi.

## Wa za a ba amsa, me za a ce?

Ba kowa ake ba amsa ba. Mun amsa wa biyar ɗin nan na gaske kowa daidai da ƙorafinsa, sai muka zaɓi uku daga na ƙaryar da suka fi fitowa sama muka sa musu amsa iri ɗaya mai sanyi, cewa ba mu ga alamar kun taɓa sayen abinci a wurinmu ba, wannan sharhin ya zo ne cikin wasu da yawa bayan wani saɓani da aka samu ranar Juma'a wanda muka riga muka nemi afuwa a kansa, in kuwa kun taɓa zuwa ku kira mu mu ji. Amsar ba don mai sharhin ake yinta ba, don baƙon da zai zo bayan wata uku ne ya ga lamba ta yi ƙasa ya gangara yana neman dalili. In ya tarar da zagi daga can da natsuwa daga nan ya fahimci abin da ya faru.

Kar ka ambaci sunan kiliyan a amsa, kar ka sa lambarsa, kar ka ce ai mun san gidanku. Ban da rashin kyau, kai ma ka karya ƙa'ida ke nan.

Aikin da ya fi duk wannan tasiri kuwa ba a waya aka yi shi ba. Ranar Talata kawu ya sa aka nemo wani dattijo da ya san mahaifin matashin, suka je har gida bayan la'asar tare da yaron kes ɗin. Kawu ya maida jika shidan, yaron ya ba da haƙuri da bakinsa. Ba mu ce ya goge komai ba, kuma da gangan ne, domin ba mutum kuɗi ko kyauta da sharaɗin ya cire ko ya sauya sharhi shi ma ƙa'idar Google ta hana, ga shi kuma in zancen ya fita sai a ce an saye shi. Kuɗinsa ne, an maida masa don nasa ne. Shi da kansa bayan kwana biyu ya sauke bidiyon ya yi wani yana cewa an sasanta, tun daga ranar ba a ƙara samun sabon tauraro ɗaya ba.

## Tarkuna biyu

Na farko shi ne wanda na soma da shi, tara dangi da abokai ko biyan wani ya kawo ma biyar biyar. Lissafi ya riga ya nuna ba ya isa, ga kuma haɗari, domin a idon Google wannan da rubdugun duk laifi ɗaya ne, sharhin ƙarya. Yana iya share su, yana iya hana wurinka karɓar sabon sharhi na wani lokaci, yana iya ma liƙa gargaɗi a shafinka cewa an cire sharhin bogi daga nan. Kai da ka zo a matsayin wanda aka zalunta ka koma wanda ake tuhuma. Abin da ya halatta shi ne ka roƙi kiliyan na gaske, duk wanda ya ci ya biya, ya rubuta abin da ya gani, ba ragi ba kyautar lemo, kuma ba wai ka zaɓi masu murmushi kaɗai ba.

Na biyu masu neman kuɗi ne. Da zarar lambarka ta faɗi za ka soma samun saƙo daga baƙuwar lamba, wai su ƙwararru ne za su goge ma duka in ka tura kaza. Kawu ya samu biyu. Ba wanda ke da maɓallin gogewa a wajen Google, abin da za su yi shi ne wannan kai ƙarar da kai ma za ka yi kyauta, in ma sun yi. Wasu ma su ne ke zuba sharhin da kansu sannan su zo karɓar fansa. A 2022 an yi wa gidajen abinci da dama haka a biranen Amurka, a zuba musu tauraro ɗaya sannan a aiko imel ana neman katin Google Play na dala 75. Wanda ya biya sau ɗaya ya nuna yana biya ke nan, za su dawo. Irin wannan saƙon a adana shi a haɗa cikin shaida.

## Su kuma masu dannawa fa?

Ba zan ce duk mugaye ne ba. Mutumin da aka wulaƙanta a kan jika shida ba zai ɗauki lauya ba, ba shi da inda zai kai kuka, taurarin nan su ne sandar da ke hannunsa kuma jama'a na taya shi ne don kowa ya taɓa shan irin wannan wulaƙancin a wani kanti. Akwai ma inda abin ke da wuyar yankewa. A Janairun 2021 da manhajar hannun jari ta Robinhood ta hana mutane sayen hannun jarin kamfanin GameStop, masu amfani da ita sun yi mata rubdugu a Play Store har ta koma tauraro ɗaya, Google ya share kusan sharhi 100.000, aka yi ta ce-ce-ku-ce domin da yawansu masu amfani da manhajar ne na gaske da abin ya shafa. Ke nan sharewar ma tana iya zama rufe bakin mai gaskiya, shi ya sa na nace kar a taɓa biyar ɗin nan.

Amma wanda bai je ba bai gani ba ya rubuta "na ci na yi amai", sunan wannan a wurinmu shaidar zur, kuma kowa ya san matsayinta a addini. Ga shi taro ba ya tantancewa. A watan Yunin 2018 wani gidan abinci mai suna Red Hen a garin Lexington na jihar Virginia ya nemi kakakin fadar shugaban Amurka ta lokacin, Sarah Sanders, ta fita, sai fushin jama'a ya faɗa har kan wani Red Hen na birnin Washington da ba abin da ya haɗa su sai suna. Ka tuna shago nawa ne a Maradi ke amsa Alheri ko Albarka ko Nasara. Sannan wanda ke shan wahalar ba patoron kaɗai ba ne, a satin nan da kumandar baƙi ta ja baya mai wanke-wanke da mai kabu-kabun da ake biya kullum-kullum su suka fara ji a aljihu.

Akwai kuma doka. Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma gyaran da aka yi mata a watan Yunin 2024 ya maido da hukuncin ɗauri na shekara 1 zuwa 3 da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa a kan ɓata suna ko zagi ta hanyar sadarwar zamani. Danna tauraro kawai da wuya a kama mutum da shi, amma wanda ya rubuta da sunansa cewa naman mushe kuke sayarwa alhali ƙarya ne ya shiga wani fage daban. Wannan takobin kaifi biyu gare shi, mai shagon da ya rama da zagi ko ya yi wa kiliyan ƙazafi shi ma tana hawa kansa. Ni a ganina zuwa komisariya na wurin barazana ne, ko neman kuɗin fansa, ko ƙazafi mai nauyi da aka ƙi janyewa, kuma a fara ganin lauya da hotunan shaida a hannu. Kai ƙarar matashin da aka kawo wa abinci a sanyaye kuwa, wannan sabon bidiyo kawai zai haifar.

Shi dai kawu bai kai kowa ƙara ba. Ya sauya yaron daga kes ya maida shi ciki, ya kafa ƙa'ida cewa duk kumandar da ta wuce minti 45 ba ta isa ba a kira mai ita a tambaye shi yana so ko a maida masa kuɗinsa, sannan muka buga ɗan katin da ke da lambar kodi da ake ɗauka da kamara aka liƙa kusa da wurin wanke hannu, mai kai mutum kai tsaye wurin rubuta sharhi. A wata yana samun shida, wani watan takwas, ba duka biyar ba ne, akwai huɗu akwai uku, makon jiya ma wani ya ba da biyu saboda fanka ba ta aiki a ɓangaren mata, kawu ya sa aka gyara ta muka amsa masa. Wata biyar ke nan da rigimar, lambar na kan 3,9, kuma duk ranar Lahadi da daddare nakan buɗa in jera daga sabo zuwa tsoho in karanta masa.